Yanka a Tara: Yadda Ake Lissafa Nauyin Juyin Sanda da Faifai

Ka sa a yanko maka mita 3 na rodi mai kaurin milimita 12, irin wanda magina ke ɗaura ginshiƙi da shi. Kowace mita ta wannan rodi nauyinta kilogiram 0.888 ne, don haka guntun naka zai yi kilogiram 2.664 a sikeli. Riƙe shi a tsakiya, a kwance, ka yi ta karkaɗa shi dama da hagu. Zai bi hannunka ba tare da wata gardama mai yawa ba. Sannan ka koma ka kama shi a bakinsa ɗaya, ka sake gwadawa. Ko an ajiye wahalar tallabe shi a gefe, za ka ji ya yi taurin kai: da ƙyar yake tashi, in kuma ya tashi da ƙyar yake tsayawa. A ƙarshe ka tsayar da shi tsaye, ka murza shi tsakanin tafukan hannunka. Yanzu kusan ba ka jin komai.

Ƙarfen bai ƙaru ba, bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne layin da yake juyawa a kansa, da kuma nisan da ke tsakanin kowane ɓangarensa da wannan layi. Taurin kan da ka ji yana da awo, yana da lamba, ana kuma iya lissafa shi a takarda tun kafin a taɓa ƙarfen. Ɗaliban fiziks sun san shi da momen of inashiya, suna rubuta shi da harafin I. A nan za mu kira shi nauyin juyi. Ga wannan rodi, lambobin uku su ne 2 a tsakiya, 8 a baki, da 0.000048 in an murza shi a tsaye. Aikinmu shi ne mu ga inda suka fito.

Abin da ya sa nisa ke shiga sau biyu

Mu fara da abu mafi sauƙi: ɗan ƙaramin dutse da aka ɗaure a igiya ana wulwula shi. Nauyinsa m, nisansa daga hannu r. In aka ninka tsawon igiyar biyu, kuma ana so ya ci gaba da kammala zagaye ɗaya cikin lokacin da ya saba, to dole ya ninka gudunsa biyu, domin hanyar da zai bi ta ninku. Ƙarfin motsin da abu ke ɗauke da shi kuwa ba tafiya yake kafaɗa da kafaɗa da gudu ba. Yana bin gudun da aka ninka da kansa ne: gudu biyu, ƙarfin motsi huɗu, gudu uku, ƙarfin motsi tara. Saboda haka dutsen da ke nisa biyu yana buƙatar aiki ninki huɗu kafin ya kai saurin juyi iri ɗaya. Wannan ne ya sa nauyin juyin ɗan dutse yake

I = m r²

Awonsa kilogiram ne sau mita sau mita, ana rubuta shi kg·m². Ka lura da rashin daidaiton da ke cikin wannan ƙa'ida. Ƙara nauyi biyu, nauyin juyi ya ƙaru biyu kacal. Ƙara nisa biyu, ya ƙaru huɗu. Duk abin da zai biyo baya a wannan rubutu daga wannan rashin daidaito ya tsiro.

Matsalar ita ce rodi ba ɗan dutse ba ne. Ba shi da r guda ɗaya. Ɓangaren da ke cikin tafin hannunka nisansa sifiri ne, na can ƙarshe yana mita 3, sauran kuma suna ko'ina a tsakani. Wane nisa za a saka a ƙa'idar?

Amsar da ke fara zuwa wa kowa ita ce a ɗauki tsakiya. Ai nauyin rodin a tsakiyarsa yake daidaita, a mita 1.5. To mu gwada, muna riƙe da shi a baki: 1.5 sau 1.5 ya ba da 2.25, sau 2.664 ya ba da 5.99. Kusan 6 ke nan, alhali amsar gaskiya 8 ce. An yi asarar rubu'i guda. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rabin rodin da ke gaba da tsakiya yana ƙara wa lissafin fiye da yadda rabin baya ke rage masa, tunda ninka nisa da kansa ake yi. Guntun da ke mita 2.5 yana kawo 6.25, na mita 0.5 yana kawo 0.25, matsakaicinsu 3.25, ba 2.25 ba. Tsakiya tana wakiltar nauyi da kyau, amma ba ta iya wakiltar nauyin juyi.

Yanka rodin gunduwa-gunduwa

Tunda guntu ɗaya ya gaza, sai mu raba rodin a takarda gida uku, kowanne mita ɗaya, kowanne kilogiram 0.888. Mu ɗauki kowane guntu kamar ɗan dutse da ke zaune a tsakiyarsa, wato a mita 0.5, 1.5 da 2.5. In aka ninka kowanne da kansa ana samun 0.25, 2.25 da 6.25, jimla 8.75. Sau 0.888, ya zama 7.77. Da yanka biyu kawai mun tashi daga 5.99 zuwa 7.77.

Mu raba gida shida, kowanne rabin mita, nauyinsa kilogiram 0.444. Tsakiyoyinsu suna mita 0.25, 0.75, 1.25, 1.75, 2.25 da 2.75. Jimlar ninkinsu 17.875, amsa kuma 7.937. In mai haƙuri ya raba gida talatin, kowanne santimita 10, zai sami 7.990. Lambar tana hawa, amma hawan yana ƙara raguwa, kuma a fili take akwai inda ta dosa. Wurin shi ne 7.992. Da guntu uku giɓin da ya rage 0.222 ne, da guntu shida 0.055. Duk lokacin da aka ninka yawan guntaye biyu, giɓin yana komawa rubu'in yadda yake.

Ina ganin duk malamin da ke koyar da wannan darasi ya kamata ya sa ɗalibai su yi wannan tarawa da hannunsu kafin ya rubuta musu alamar kalkulas a allo. Wanda ya ga 5.99 ta zama 7.77, ta zama 7.937, ta zama 7.990, ba zai ƙara jin tsoron alamar ba, domin ya riga ya san abin da take nufi.

Abin da kalkulas ke yi shi ne ya kai wannan yanka matuƙarsa, ya ba da lambar da ake dosa kai tsaye ba tare da an yi ta tarawa ba. Ana ɗaukar guntu siriri ƙwarai a nisa x daga hannu, tsawonsa dx. Harafin d a nan yana nufin ɗan ƙanƙani daga abin da ke biye da shi. In duka rodin nauyinsa M ne, tsawonsa L, to kowace mita tana ɗauke da M/L, ɗan guntun kuma nauyinsa

dm = (M/L) dx

Sirantarsa ta kai a ce duk jikinsa a nisa ɗaya yake, don haka ƙa'idar ɗan dutse ta hau kansa daidai: gudummawarsa x² dm ce. Sai a tara gudummawar dukkan guntayen daga x = 0 zuwa x = L. Alamar wannan tarawa ita ce ∫, wadda Leibniz ya fara amfani da ita a 1675, kuma dogon harafin S ne kawai, farkon kalmar jimla a Latin.

I = ∫ x² dm = (M/L) ∫ x² dx

Saura tambaya ɗaya: mene ne jimlar x² dx daga sifiri zuwa L? Littattafai suna cewa L³/3 su wuce. Amma dalilin yana da sauƙin gani, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Ka ƙaddara akwati mai tsawo, faɗi da tsayi duk daidai, kowanne x. Girman cikinsa x³ ne. In aka ƙara wa kowane gefe ɗan dx, akwatin yana kumbura ta fuska uku: gaba, gefe da sama. Kowace fuska faɗinta x² ne, kaurin da ya hau kanta dx. Saboda haka abin da ya ƙaru 3x² dx ne, ban da 'yan ɓurɓushin kusurwa waɗanda ke ɓacewa in dx ya ƙanƙance. Ke nan x² dx sulusin ƙarin ne. In aka tara duk ƙarin tun akwatin yana sifiri har gefensa ya kai L, an sami akwati cikakke, L³. Sulusinsa L³/3. Daga nan

I = (M/L) × (L³/3) = ML²/3

Mu saka lambobinmu: 2.664 sau 9, raba uku, 7.992. Ita ce lambar da tarawar hannu ke dosa.

In an riƙe rodin a tsakiya, guntun da nauyinsa ba su sauya ba. Iyakokin tarawar ne kawai suka sauya. Yanzu x yana tashi daga −L/2 zuwa +L/2, wato hannuwa biyu, kowanne rabin tsawo. Kowane hannu yana ba da (L/2)³/3, wato L³/24, biyun kuma L³/12.

I = ML²/12

Ga rodinmu 1.998 ke nan, rubu'in na baki daidai. Ana iya ganin wannan ko ba kalkulas: ba wani guntu da ya wuce mita 1.5 daga hannu, duk nisa ya koma rabi, rabi sau rabi kuwa rubu'i ne.

Akwai wani abu a cikin waɗannan lambobi da bai kamata a wuce shi ba. Da muka tara duk nauyin a tsakiya mun sami 5.994, aka rasa 1.998 kafin a kai 7.992. Abin da aka rasa shi ne ainihin nauyin juyin rodin a tsakiyarsa. Ba dace ba ne. Rodin da ke juyawa a bakinsa abu biyu yake yi lokaci guda: tsakiyarsa tana zagaya hannu, shi kuma yana juyawa a kan tsakiyar tasa sau ɗaya a kowane zagaye. Kowanne da kuɗinsa. Wannan ita ce ƙa'idar da ake dangantawa da Huygens da Steiner: nauyin juyi a kowane layi daidai yake da na layin da ya ratsa tsakiyar nauyi yana fuskantar gefe guda da shi, a ƙara M d², inda d shi ne tazarar layukan biyu. Amfaninta a aikace shi ne, tarawa ɗaya ta wadatar. In ka riƙe rodin rabin mita daga tsakiya, 1.998 ne a ƙara 2.664 sau 0.25, wato 2.664. Kuma tunda M d² ba ya taɓa zama ƙasa da sifiri, babu wurin riƙo da ya fi tsakiya sauƙi.

Faifai: yankan ne gwaninta

Yanzu mu koma ga faifan ƙarfe mai juyawa a kan sandar da ta ratsa tsakiyarsa, irin ƙaton faifan da ke gefen injin niƙa mai shan gas. Mu ɗauki na ƙarfe zalla, mai kauri ɗaya ko'ina, santimita 20 daga tsakiya zuwa baki, kaurinsa santimita 2. Nauyin irin wannan yana kusa da kilogiram 20, don haka mu ce M = 20, R = 0.2.

A rodi yankan bai buƙaci tunani ba. A faifai kuwa a nan aikin yake. In aka yanka shi tsaye-tsaye, kowane yanki yana da wurare masu nisa daban-daban daga tsakiya, ƙa'idar ɗan dutse ba za ta hau kansa ba. Sharaɗin guntu mai kyau shi ne duk jikinsa ya kasance a nisa ɗaya daga layin juyi. Siffa ɗaya ce ke cika wannan sharaɗi a faifai, ita ce zobe. Duk wanda ya taɓa kallon mace tana ɗinka faifan rufe ƙwarya ya san tsarin: ana farawa daga cibiya, ana zagayawa layi bayan layi, kuma kowane layi na waje ya fi na cikinsa cin kayan ɗinki. Haka za mu kalli faifan ƙarfen, zobe cikin zobe.

Ɗauki zobe ɗaya a nisa r, faɗinsa dr. In aka tsinka shi aka miƙar, zai zama ɗan siririn zare mai tsawon 2πr da faɗin dr, filin da ya ci kuma 2πr dr. Duka faifan filinsa πR² ne. Rabon zoben daga nauyin faifan daidai yake da rabonsa daga filin:

dm = M × (2πr dr)/(πR²) = (2M/R²) r dr

Ga bambancin da ke tsakaninsa da rodi. A rodi duk guntaye nauyinsu ɗaya. A faifai nauyin zobe yana ƙaruwa da nisa. Zoben waje ya ci riba biyu: ya fi nisa, ya kuma fi nauyi. Don haka abin da za a tara ya zama r³, ba r² ba.

I = ∫ r² dm = (2M/R²) ∫ r³ dr

Da irin hujjar da ta ba mu sulusi ɗazu, jimlar r³ dr daga sifiri zuwa R ita ce R⁴/4. Saboda haka

I = (2M/R²) × (R⁴/4) = MR²/2

Da lambobinmu, 0.2 sau 0.2 ya ba da 0.04, sau 20 ya ba da 0.8, rabinsa 0.4 kg·m².

Me wannan 0.4 ke nufi a aikace? Ƙarfin motsin da abu mai juyawa ke ajiyewa shi ne ½ I ω², inda ω ke nufin saurin juyi, ana ƙirga kowane zagaye a matsayin 6.28. In faifan yana zagaye 600 a minti, wato 10 a daƙiƙa, ω ya zama 62.8. Ninka shi da kansa, sau 0.4, raba biyu: kusan jul 790. Wannan ya kai aikin ɗaga faifan kansa sama mita 4. Ajiyar nan ce amfanin faifan. Injin mai silinda ɗaya ba ya tura ƙarfi a kowane lokaci, bugu yake yi ya dakata. Faifan yana karɓar rarar ƙarfi lokacin bugun, ya mayar da ita kafin bugu na gaba, ko lokacin da hatsi ya cushe a bakin niƙa. Ita ce kuma ta sa injin ba ya tsayawa nan take in an kashe shi, dalilin da ya sa ba a kai hannu ko bakin riga kusa da bel sai an ga faifan ya tsaya cik.

Lissafin zobe-zobe yana gaya mana wani abu da jimlar kaɗai ba ta faɗa. Ka zana da'ira a rabin hanya, santimita 10 daga tsakiya. Abin da ke cikinta faifai ne ƙarami mai rubu'in filin, wato kilogiram 5. Nauyin juyinsa rabin 5 sau 0.01 ne, wato 0.025. Kashi ɗaya ke nan cikin sha shida na 0.4. Rubu'in ƙarfen, da kuɗinsa da wahalar ɗaukarsa, yana kawo ƙasa da kashi 7 cikin ɗari na amfanin. A ɗaya gefen, santimita 2 na ƙarshe a baki suna ɗauke da kashi 19 cikin ɗari na nauyin, amma suna kawo kashi 34 cikin ɗari na nauyin juyin.

Shi ya sa maƙeran inji ba su cika barin faifan a cike ba. Dubi babbar ƙafar da ke ƙarƙashin keken ɗinki na ƙafa: baki mai kauri, tsakiya fayau sai 'yan hannuwa da ke riƙe da shi. Ana lissafa irin wannan da tarawa iri ɗaya, sai dai a fara daga bakin ramin, R₁, a ƙare a bakin waje, R₂. Sakamakon shi ne

I = M(R₁² + R₂²)/2

In aka narka kilogiram 20 ɗin nan aka zuba su duka tsakanin santimita 16 da 20, ba tare da an lissafa hannuwan ba, ana samun rabin 20 sau jimlar 0.0256 da 0.04, wato 0.656. Ƙarfe ɗaya, faɗi ɗaya, amma ajiyar ta ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku.

Alamar tarawa da ke cikin wannan ƙa'ida tana ruɗa ɗalibai da yawa. Suna cewa ai rami aka huda, ya kamata a ga ragi. Ragin yana nan, ya ɓuya ne a cikin M, domin M a nan nauyin abin da ya rage ne bayan hudawa. Hanyar tabbatarwa ita ce a kai ƙa'idar iyakarta biyu. In ramin ya rufe, R₁ ya zama sifiri, an koma MR²/2 na cikakken faifai. In ramin ya faɗaɗa har ya kusa baki, R₁ da R₂ sun zama ɗaya, an sami MR², wanda shi ne daidai ga siririn zobe da duk nauyinsa ke nisa ɗaya. Da alamar ragi ce, da siririn zobe ya fito da sifiri, abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Lambar nan ta uku da muka fara da ita ma daga faifai ta fito. Rodin da ake murzawa a tsaye tarin ƙananan faifai ne, ɗaya bisa ɗaya, kowanne milimita 6 daga tsakiya zuwa baki. Tsawon bai shiga lissafin ba sam. Rabin 2.664 sau 0.006 sau 0.006 ya ba da 0.000048, wanda ya gaza na riƙon baki fiye da sau dubu ɗari da sittin.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa a lissafin faifai shi ne a kwaso dm na rodi a ɗora masa, a rubuta (M/R) dr, kamar dai duk zobba nauyinsu ɗaya. Amsar sai ta fito MR²/3. Abin da ya sa wannan kuskure ke da wuyar kamawa shi ne, gwajin da aka saba yi ba ya tona shi: in ka tara dm ɗin kaɗai daga sifiri zuwa R, zai ba ka M daidai, sai ka zaci komai lafiya. Gwajin da ke kama shi shi ne a tsaya a rabin hanya. Ingantaccen dm yana ba da rubu'in nauyi a cikin rabin R, gurɓataccen kuma yana ba da rabi.

Sauran kurakuran na gaggawa ne. Wanda ya saka faɗin faifai daga baki zuwa baki a maimakon daga tsakiya zuwa baki, amsarsa za ta ninku huɗu. Wanda ya bar tsawo a santimita, tasa za ta ninku dubu goma. Akwai shinge ɗaya da ke kama irin waɗannan: nauyin juyi ba zai taɓa wuce duka nauyin sau ninkin nisa mafi tsawo ba. Ga faifanmu shingen 0.8 ne. Duk amsar da ta haura haka, a koma a duba.

Su kansu ƙa'idojin suna da iyaka. ML²/12 da ML²/3 na sanda ce siririya mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Taɓarya ba ta cika wannan sharaɗi ba, domin bakunanta biyu sun fi tsakiyarta kauri, don haka nauyin juyinta a tsakiya ya fi abin da ML²/12 zai nuna. Hanyar ba ta mutu ba, sai dai M/L ya daina zama lamba ɗaya, dole a san nauyin kowane guntu a inda yake, ko a koma tarawar hannu irin wadda muka yi. Kauri ma yana da nasa haƙƙi. Cikakkiyar ƙa'idar sanda mulmulalliya da ke juyawa a tsakiyarta ita ce ML²/12 a ƙara MR²/4. Ga rodinmu ƙarin 0.000024 ne a kan 1.998, ba abin kulawa ba. Amma ga guntun gungume wanda tsawonsa bai fi rabin faɗinsa ba, ƙarin ya ninka na farkon uku, wanda ya watsar da shi ya watsar da mafi yawan amsar. Haka kuma MR²/2 na faifai ne da ke juyawa a kan sandar da ta huda fuskarsa. In aka tsayar da shi a gefensa aka wulwula shi kamar kwabo a kan tebur, layin juyin ya kwanta a cikin fuskar, amsar kuma MR²/4 ce. Ba a faɗin nauyin juyin abu sai an faɗi layin.

A gwada a gani

Wannan lissafi ba don jarrabawa aka ƙirƙiro shi ba. Ya taso ne daga matsalar agogo. Christiaan Huygens, mutumin Holan da ya ƙera agogo mai lilo, yana bukatar sanin saurin lilon abu mai jiki, ba ɗan dutse a zare kawai ba. A littafinsa na 1673 kan agogon lilo ya warware matsalar da tara nauyin kowane ɓangare sau ninkin nisansa. Leonhard Euler ne ya ba wa adadin suna ya kuma shimfiɗa ilimin juyawar daskararrun abubuwa a littafinsa na 1765. Tambayar Huygens ita ce har yau hanya mafi arha ta gwada sulusin nan namu.

Nemi sanda miƙaƙƙiya mai kauri ɗaya, tsawon mita ɗaya, ko dogon rula na katako. Huda ƙaramin rami dab da bakinta, ka rataye ta a ƙusa yadda za ta yi lilo ba tare da gogayya mai yawa ba. Nauyinta yana jan ta ne daga tsakiya, a L/2, nauyin juyinta kuma ML²/3. In aka raba na biyu da M sau L/2, M ya fita daga lissafin, abin da ya rage 2L/3. Ma'ana, sandar za ta yi lilo daidai da ɗan dutse a zare mai tsawon kashi biyu cikin uku nata, santimita 67, komai nauyinta. Lokacin zuwa da dawowa ɗaya shi ne

T = 2π √(2L/3g)

inda g yake 9.8. Ga mita ɗaya, daƙiƙa 1.64 ke nan. Lilo ɗaya ya yi gajarta a auna da hannu, don haka ka ɗan ja ta gefe kaɗan, kada ya wuce faɗin tafin hannu, ka sake ta, ka ƙirga zuwa da dawowa 20 da agogon waya. Lissafi ya ce daƙiƙa 32.8. Da duk nauyin a tsakiya yake aiki, da ka sami 28.4. Da a can ƙarshe yake, da ka sami 40. Tazarar da ke tsakanin waɗannan uku ta fi ƙarfin kuskuren yatsa, saboda haka gwajin yana rarrabewa sarai.

In ba agogo, rataya ɗan dutse a zare mai santimita 67 kusa da sandar, ka sake su tare, za su jima suna tafiya a jere. In sandar tana riga dutsen, duba ko ɓangarenta mai kauri ne a sama, ko kuma ramin ya yi nisa da baki. In tana bin bayansa, mai kaurin ne a ƙasa. Juya ta ka rataye ta ɗaya bakin, ka sake ƙirgawa: sanda mai kauri ɗaya za ta ba da lokaci ɗaya ta kowane baki, kuma bambancin da ka samu tsakanin ƙirgen biyu shi ne ma'aunin yadda nauyinta ya karkata gefe guda.